Bayani a Kan Zafin Injin Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaji, da Abin da Ƙari ko Ragi Kaɗan Yake Jawowa

 Mu masu awon hatsi ne, ba masu kiwo ba ne tun asali. Abin da ya shigar da mu maganar ƙyanƙyasa shi ne bashi. Mukan ba masu kaji masara da dusa a kan sai 'yan tsaki sun fito an sayar a biya, to idan ƙwai ya lalace a cikin inji, kuɗinmu ne ya lalace tare da shi. Da abin ya yi yawa sai muka sayi ƙaramin inji muka gwada da kanmu, muka yi asara, muka tambayi waɗanda suka fi mu sani, sa'an nan muka gane inda matsalar take. Ita ce za mu bayyana a nan, domin mai inji ya gyara, dillali kuma ya san irin hajar da yake ɗora wa mutane.

Taƙaitaccen zancen shi ne wannan. Zafin da ƙwan kaza yake so siririn abu ne ƙwarai, faɗinsa bai kai digiri ɗaya ba. Kuma a ƙasarmu zafin da ya wuce ya fi sanyi kisa, ya fi shi sauri, ya kuma fi shi ɓuya.

Fasali na farko: adadin da ake so

Kowa ya san kaza takan yi kwanci kwana 21. Idan ta hau ƙwai ranar Alhamis, ranar Alhamis ta mako na uku za ka ji kukan 'yan tsaki. Jikin kaza yana da zafi wajen digiri 41, ya fi na mutum, wanda yake wajen 37. Amma ba dukan zafin nan ne yake shiga ƙwai ba, domin ƙirjinta saman ƙwan kawai yake taɓawa, ƙasansa yana kan gurbi. Abin da yake isa ga ɗan da ke ciki wajen 37.8 ne. Shi inji ba abin da yake yi sai kwaikwayon wannan.

Injin iri biyu ne, kuma wajibi ne mutum ya san wanne yake da shi, domin adadinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne mai fanka a ciki, wanda yake juya iska ta game ko'ina. Shi ana saita shi a kan 37.5, in ya ɗan hau zuwa 37.8 ba laifi. Daga kwana na 18 zuwa fitowa akan ɗan sassauta masa zuwa wajen 37.

Na biyu shi ne marar fanka, kamar akwatin nan da kafintoci suke yi mai fitilar kananzir ko ƙwan lantarki. A cikinsa iska tana tsaye, mai zafi tana sama, mai sanyi tana ƙasa, kamar yadda hayaƙi yake taruwa a rufin madafa. Shi ana son a sami 38.5 zuwa 39, amma a daidai saman ƙwai. A sa kan ma'auni daidai da tsayin ƙwan, ba tare da ya taɓa ɓawo ba. Wanda ya rataye ma'auni can kusa da murfi ya ga 39 ya yi murna, ƙwansa yana ƙasa yana jin sanyi. Wanda kuma ya kwantar da shi a ƙasan tire ya yi ta ƙara wuta har ya ga 39, ya dafa saman ƙwan.

Tanbihi: ma'aunai iri biyu ne a kasuwa. Duk adadin da muka faɗa na ma'aunin da yake da alamar °C ne. Akwai mai alamar °F, wanda lissafinsa dabam ne. A wurinsa 37.5 shi ne 99.5, 37.8 shi ne 100, 39 kuma ya ɗan wuce 102. A duba alamar tun kafin a zuba ƙwai.

Fasali na biyu: dalilin da zafi ya fi sanyi haɗari

Ɗan da ke cikin ƙwai ba shi da ikon daidaita zafin jikinsa. Abin da aka ba shi, da shi yake tafiya. In an ƙara zafi, girmansa ya yi sauri, in an rage, ya yi nawa. Wani zai ce to ai sauri alheri ne, a ƙara wuta a huta da jira. A'a. Ɗan tsako ba da zafi kaɗai yake girma ba, yana cin gwaiduwa, kuma yana shaƙar iska ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo, waɗanda ido ba ya gani. Ƙofofin nan ba sa ƙaruwa don an ƙara wuta. Idan zafi ya hau, buƙatarsa ta iska ta hau, ƙofa kuma tana nan yadda take, sai ya kasa narkar da gwaiduwa yadda ya kamata, zuciyarsa ta fito ƙarama, ƙarfinsa ya ƙare tun bai fasa ɓawo ba. Misalinsa tuwon da aka cika wa wuta, ƙasa ya ƙone, sama bai nuna ba.

Sa'an nan akwai wani abu da da yawa ba su lura da shi ba. A makon farko ƙwai karɓar zafi yake yi daga inji. Amma daga wajen kwana na 12 ɗan da ke ciki ya yi girma, ya fara fitar da zafin kansa, kuma kullum ƙaruwa yake yi. A makon ƙarshe ƙwai ɗari a cikin akwati kamar ƙaramin murhu ne. Allon inji yana iya nuna maka 37.5, domin iska yake aunawa, alhali cikin ƙwan da ke tsakiyar tire ya haura haka da digiri ɗaya ko fiye. Shi ya sa ake sassauta wuta a ƙarshe, a kuma ƙara buɗe ƙofofin iska.

Ga iyakokin a kan injin mai fanka. In ya zauna a kan 38.5 kwana da kwanaki, za a sami 'yan tsaki, amma da wuri, da nakasa, da ragi. In ya zauna a kan 39.5, kaɗan ne za su fito. In ya zauna sama da 40.5, kada a sa rai da ko ɗaya. In kuwa ya tashi gaba ɗaya ya kai 46, kamar injin da rana ta faɗa wa ko wanda na'urar yanke wutarsa ta maƙale, awa uku ta isa ta kashe duka.

Sanyi kuwa yana da rangwame. Ai kaza da kanta takan sauka ta ci ta sha ta yi birgima a ƙasa, ta dawo, ƙwai bai mutu ba. In wuta ta ɗauke awa biyu ko uku, ko ma dare guda a ɗakin da ba shi da sanyi sosai, yawanci ɗan yakan dakata ne ya jira, in zafi ya dawo ya ci gaba. Abin da yake ɓarna shi ne sanyin da ya zauna. Inji a kan 36.5 tun daga farko har ƙarshe zai jinkirta fitowa da kwana ɗaya ko fiye, ya kuma rage adadi. In ya zauna a kan 35, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Ke nan ƙarin digiri uku na kwana biyu ya fi ragin digiri goma na dare ɗaya muni.

Fasali na uku: abin da ya same mu a Karaye

Injinmu mai fanka ne, yana cin ƙwai 120, yana aiki da batir da sola. Muka ajiye shi a bayan shagon hatsi, mai rufin kwano ba silin, muka zuba ƙwai a farkon watan Afrilu, tsakiyar bazara. Ƙwan kajin gida ne da muka tara daga ƙauyukan kewaye cikin kwana biyar. Muka ɗora yaron shago a kai, kullum da asuba da kuma bayan lisha ya duba allo ya gaya mana. Kullum amsarsa ɗaya, 37.5. Kuma gaskiya yake faɗa.

A kwana na 7 muka haska ƙwan da tocila a cikin duhu. Guda 18 fes suke, ba komai a ciki, wato zakara bai taka ba. Waɗannan ba laifin inji ba ne. Guda 6 kuma muka ga jan zobe na jini a ciki, alamar ɗan ya fara sa'an nan ya mutu. Saura 96 masu jijiyoyi kamar saƙar gizo. Muka ce madalla. A kwana na 18 muka sake haskawa, muka fitar da 11 da suka mutu a hanya, saura 85.

Daren kwana na 19 sai muka ji kuka. Yaro ya zo da murna yana cewa, "Baba Alhaji, injin nan ya fi kaza sauri." Mu ma a lokacin haka muka ɗauka. Ashe alamar ɓarna ce ta farko. Daga 85 ɗin nan 41 ne suka fito, 44 suka mutu a cikin ɓawo, wasu sun huda sun tsaya, wasu ko hudawa ba su yi ba. A cikin 41 ɗin ma 12 ba na sayarwa ba ne, masu ƙafa a ware, da masu yatsu a lanƙwashe, da masu cibiya da jini. Nagari 29 ke nan daga ƙwai 120.

Wani dattijo da ya daɗe a aikin gonar kaji ya ce kada mu zubar da matattun, mu fasa su ɗaya bayan ɗaya mu duba. Da muka fasa sai ga 'yan tsaki cikakku da gashinsu, amma ƙanana, a bushe, gwaiduwa tana rataye a waje ba ta gama shiga ciki ba. Da yawa kansu ba ya ƙarƙashin fiffiken dama inda ya kamata ya kasance lokacin fitowa. Ya ce wannan aikin zafi ne, ya tambaye mu wane lokaci muke duba inji. Muka ce safe da dare. Ya ce mu je mu duba shi tsakanin azahar da la'asar.

Muka bar inji a kunne ba ƙwai, muka zauna muna kallo. Da hantsi 37.5. Da azahar 38.4. Kafin la'asar ya kai 39.6, alhali wutar dumamawa ta daɗe da yankewa. Nan muka gane abin da ba wanda ya gaya mana ranar da muka saya: ƙaramin inji dumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu zafin inuwa a ƙasar Kano yakan kai 40, ƙarƙashin kwano kuma ya wuce haka. In ɗaki ya fi ƙwai zafi, fanka ba abin da za ta yi sai ta juya wannan zafin a kan ƙwai. Kuma wannan ba ƙwai a ciki ke nan. Ƙara da zafin da ƙwai 85 suke fitarwa a makon ƙarshe, ka ga inda aka kai.

Ba a nan ta tsaya ba. Dattijon ya ce mu gwada gaskiyar allon da kansa. Muka sayi ma'aunin zazzaɓi a kemis, irin wanda ake sa wa yaro a hammata, domin an yi shi ne don ya auna daidai tsakanin 35 da 42. Muka cika ƙaramar kwalba da ruwa muka rufe, muka ajiye ta a tsakiyar tire ta kwana. Da asuba, allo yana nuna 37.5, muka tsoma ma'aunin a ruwan, sai ga 38.1. Wato allon yana tauye mana fiye da rabin digiri, domin kan wayar da take aunawa yana kusa da ƙofar iska. Ku 'yan kasuwa kun san wannan, mudu ne aka bubbuge gindinsa. Duk mai gaskiyar da ya auna da shi zai tauye, ko bai yi niyya ba.

Abin da muka gyara uku ne. Muka ɗauke inji daga shago muka kai shi ɗakin ƙasa mai rufin soro a cikin gida, nesa da taga, muka ɗora shi a kan benci ba a jikin bangon yamma ba. Muka mayar da kan wayar tsakiyar akwati daidai tsayin ƙwai, muka yi ta gwada kwalbar ruwa kwana biyu har allo da ma'aunin kemis suka yi daidai. Sa'an nan muka jira ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, muka sake zuba 120. Wannan karon 17 ne ba su da ɗa, saura 103. Suka fara hudawa a kwana na 20, suka gama fitowa a na 21, guda 84, nagari 80.

A yi lissafin kasuwa. Karon farko kowane ɗan tsako nagari ya ci mana ƙwai huɗu da ɗoriya. Karo na biyu ƙwai ɗaya da rabi. Inji ɗaya, irin ƙwai ɗaya, yaro ɗaya. Bambancin duka digiri biyu zuwa uku ne, na 'yan awoyi kullum da rana.

Fasali na huɗu: na sanyi, a ƙasar Rogo

Wani abokin cinikinmu a wajen Rogo, mai kawo mana masara, yana da akwati marar fanka mai fitilar kananzir. Shi ya zuba nasa a watan Janairu, lokacin da hunturu yake kaɗawa, dare yakan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka. Yakan gyara lagwani da yamma lokacin da ɗaki yake da ɗumi, ya ga 39, ya je ya kwanta. Can cikin dare ɗaki ya huce, harshen fitila yana nan yadda yake, akwati ya sauka. Ba dare ɗaya ba, kowane dare har mako uku.

Kwana 21 ya cika shiru. Na 22 ma shiru har azahar. Ya ce baragurbi ne, ya kwashe rabi ya zuba a juji, sai yara suka zo suka ce masa akwai masu motsi a ciki. Sauran da ya bari suka fara fitowa daren nan, suka ja har kwana na 23. Sun fito manya, ciki a kumbure da laushi, gashi a jiƙe yana manne, ba kuzari, wasu cibiya ba ta rufe ba. Da yawa sun huda ɓawo suka kasa ƙarasawa.

Fa'idar wannan biyu ce. Ta farko, kada a zubar da ƙwai kafin kwana 23 ya cika, a haska a saurara tukuna. Ta biyu, mai fitila ba ya barcin dare ɗaya a hunturu. Sai ya tashi tsakiyar dare da kuma kafin asuba ya duba, ya lulluɓe akwati da bargo ko buhun algarara amma ya bar ƙofofin iska, ya nisanta bargon da fitila. In zai ƙara wuta ya ƙara kaɗan, ya jira awa guda ya ga inda ta tsaya, domin akwati ba ya amsawa nan take. Mai gaggawa yakan murɗa lagwani da yawa ya koma barci, ya gudu daga sanyi ya faɗa wa zafi.

Fasali na biyar: abin da dillali zai duba

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan tsako yana ɗauke da labarin injin da ya fito a jikinsa, in ka iya karantawa. Kafin ka yi tayi, tambayi mai su ranar da ya zuba da ranar da suka fito. In ya ce kwana 19 ko farkon na 20, ka yi zaton zafi. In ya ce 22 ko 23, ka yi zaton sanyi. Ka kuma tambaya ko tare suka fito. Nagartacciyar ƙyanƙyasa tana ƙarewa cikin yini da kwana. In wasu sun fito Talata wasu Alhamis, akwatin yana da wuri mai zafi da wuri mai sanyi, ko kuma an gauraya sabon ƙwai da tsoho.

Sa'an nan ka ɗauki goma daga kwali, ba na sama kaɗai ba. Ka juya kowanne ka hura gashin ciki ka ga cibiya. Tagari a rufe take, a bushe, ba ta fito ba. In akwai baƙin ƙulli kamar maɓalli ko busasshen jini, yawanci zafi ne. In a jiƙe take ciki kuma ya yi tulu, yawanci sanyi ne ko laima ta yi yawa. Ka duba gwiwa ko ta yi ja, da yatsu ko sun lanƙwashe, da gashi ko gajere ne ya koɗe. Daga ƙarshe ka kwantar da shi rigingine a tafin hannu. Mai lafiya nan da nan zai juya ya miƙe, raunanne zai yi ta harbin iska.

Dalilin da ya sa muka damu da wannan, mu masu hatsi, shi ne ɓarnar ba ta ƙarewa a ranar fitowa. Cibiyar da ba ta rufe ba ƙofar cuta ce, irin waɗannan su ne suke zubewa a makon farko, mai saye ya dawo ya kama dillali. Wanda ya tsira kuma yakan ci abinci bai yi nauyin 'yan'uwansa ba. A kajin nama masu saurin girma, ƙaramar zuciyar nan takan gaza daga baya, ruwa ya taru a ciki, kaza ta mutu bayan ta gama cin masarar bashi. Wannan dubawa ta shafi na gida, ta kuma shafi na kwali da ake kawowa daga Ibadan ko Jos, ko irin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar. Iri dabam-dabam ne, amma zafin da ƙwansu yake so ɗaya ne.

Sai dai a yi adalci, ba kowace ɓarna ce ta zafi ba. Ƙwan da ya wuce mako a ajiye yakan makara ko da inji yana daidai. Ƙwan da aka tara a ɗaki mai zafi a bazara yakan fara girma tun kafin ya shiga inji, domin daga wajen digiri 25 zuwa sama ɗan yana fara motsawa, sai ya raunana ko ya mutu da wuri. Saboda haka a ajiye ƙwan iri a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa, tsininsa yana kallon ƙasa. Ƙwan gona na ci, wanda ba zakara a cikin kajin, ba zai taɓa fitar da komai ba. Laima ma tana da nata hukunci, ana son wajen 55 cikin ɗari har kwana na 18, sa'an nan wajen 70 lokacin fitowa. Kuma ƙwan zabi da na talo-talo kwana 28 suke yi ko kusa da haka, kada a gauraya su da na kaza a ce sun makara.

Fasali na shida: tsarin da muke bi yanzu

Mukan kunna inji kwana biyu kafin ƙwai ya shiga, da kwalbar ruwa a ciki, mu gwada kusurwa huɗu da tsakiya. In wani wuri ya fi wani, mukan riƙa sauya wa ƙwai mazauni, na gefe ya koma tsakiya. Ranar da aka zuba ƙwai allo yakan sauka, domin ƙwan da sanyinsa ya shigo. Ba a taɓa saiti a wannan rana, da kansa zai hau cikin 'yan awoyi.

Mun rataye allo na katako kusa da inji, yaro yana rubuta adadi sau biyar, da asuba da azahar da la'asar da magariba da lisha. Wanda injinsa ba ya juya ƙwai da kansa, a waɗannan lokutan ne zai juya, kuma biyar ta yi daidai domin mara ce, ƙwai ba zai kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere ba. A daina juyi a kwana na 18. A cikin biyar ɗin nan, na la'asar shi ne alƙali a bazara, na asuba shi ne alƙali a hunturu.

In rana ta yi tsanani allo ya wuce 38, mukan buɗe ƙofofin iska duka, mu yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, mu rataye jiƙaƙƙen buhu a taga. In bai sauka ba, mu ɗan ɗaga murfi kaɗan har ya dawo. Ba a zuba wa ƙwai ruwan sanyi. In wuta ta ɗauke da daren sanyi, a bar inji a rufe, a lulluɓe, in ya daɗe a sa kwalabe na ruwan ɗumi a gefe ba tare da sun taɓa ƙwai ba. Amma in ta ɗauke da rana a bazara, ƙwai kuma yana makon ƙarshe, to akasin haka za a yi, a ɗan buɗe, domin fanka ta tsaya, zafin ƙwan yana taruwa a sama. Kuma in wuta ta dawo kada a ƙara zafi wai don a rama abin da ya wuce. Wannan bashi ba a biyansa, jira kawai ake yi.

A ƙasar Misira akwai masu ƙyanƙyasa a ɗakunan ƙasa tun zamanin da, sana'a ce ta gado, waɗanda sukan ɗora ƙwai a fatar ido su san zafinsa ba tare da ma'auni ba. Su sun tashi a ciki tun suna yara. Mu hannunmu ya saba da masara da dawa, ba zai rarrabe 37.5 da 39 ba, duka biyu ɗumi za mu ji. Saboda haka wanda zai zuba ƙwai 120 ya fara sayen ma'aunin kemis, kuɗinsa bai kai na asarar tire ɗaya ba. Wanda kuma ɗakinsa na kwano ne, ya haƙura daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka, ko ya nemi ɗakin soro.

Mu dai yanzu duk wanda ya zo neman masara bashi a kan ƙyanƙyasa, mukan tambaye shi abu biyu kafin mu kwance buhu: a wane ɗaki injin yake, kuma nawa ya nuna jiya da la'asar. In ya amsa, mu auna masa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wasalam.